Sabon ɗan wasan ces, kar ka fara da haddar buɗe wasa

Jama'a, ana yawan tambaya: hadda ta fi, ko bin abin da zuciya ta raya? Ku duba wannan:

```
1.e4 e5 2.Qh5 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Qxf7#
```

Mai baƙaƙen 'ya'ya ya fito da doki Nf6 don ya saba ganin haka, ga shi kuma yana korar sarauniya. Amma gidan f7 sarki kaɗai ke gadinsa, 'ya'ya biyu kuma sun auna shi. Wasa ya ƙare a taku na 4. Da g6 ya buga ya tare hanya, idan sarauniya ta koma f3 sannan ya fito da dokin.

Hadda kan watse da zarar abokin karawa ya kauce wa littafi, wanda sababbi ke yi tun taku na biyu. Zuciya kuwa ba ta da abin faɗa sai ido ya ga irin tarkon nan da yawa.

Ka riƙe buɗewa ɗaya, taku biyar, ka san dalilin kowanne. Sauran lokacin ka ba warware tarkuna. Kafin kowane taku, ƙirga masu auna gida da masu gadinsa.