Babi na Bakwai: Rubuta Bayanin Neman Tallafi Don Fim ɗin Katun na Koyar da Noma

Takardar neman tallafi tana da sassa biyu manya. Ɗaya kasafin kuɗi ne, inda ake jera lambobi. Ɗayan kuma bayani ne, inda za ku faɗa da kalmomi abin da ke damun manoma, abin da za ku yi a kai, da yadda za a gane an yi shi. Bayanin ne darasinmu. A ɗauka wata ƙungiya ce a Jos take neman kuɗin shirya katun kashi 6, kowane kashi minti 3, a kan cutar ƙunar ganye da ke cin dankalin turawa. Duk adadin da za ku gani game da ƙungiyar nan misali ne kawai.

Ku fara da matsala, kuma ku matse ta. Yawancin masu nema sukan buɗe da cewa noma tushen arziki ne. Mai dubawa ya san haka, ga takardu jibge a gabansa. Abin da yake so ya ji shi ne wace gona, wace cuta, wane wata. Ga yadda ƙungiyarmu za ta rubuta:

"Manoman dankali a Bokkos, Mangu da Barikin Ladi suna fama da ƙunar ganye a tsakiyar damina, lokacin da sanyi da danshi suka haɗu. Cutar tana farawa da baƙin tabo a ganye kamar an zuba ruwan zafi, da sassafe kuma ana ganin farar hunhuna a ƙarƙashin ganyen. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tana iya kwantar da gona. Da yawa ba sa feshi sai ganye ya ƙone, alhali maganin irin su mankozeb na rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ƙashin bayan takardar. Ta nuna akwai abin da ilimi zai iya gyarawa. Da matsalar rashin hanyar mota ce ko tsadar taki, babu katun ɗin da zai magance ta, kuma mai dubawa zai lura. In kuna son saka adadin asara, kada ku ƙirƙira. Ku nemi bayani wurin malaman gona na jiha ko tashar binciken dankali da ke Kuru, ko ku tambayi manoma da kanku ku rubuta mutum nawa kuka tambaya, a wane ƙauye, a wane wata.

Sai tambayar da ba a tsallake ta: me ya sa katun, ba rediyo ko bidiyon kyamara ba? Kada ku ce don yana burge mutane. Ku ce zane yana nuna abin da ido ba ya gani, kamar yadda ruwan sama ke wanko ƙwayar cutar daga ganye zuwa dankalin da ke cikin kunya, wanda shi ne dalilin ƙara wa kunya ƙasa. Ku ƙara da cewa zane ɗaya zai ɗauki murya da yawa: Hausa, Ron don Bokkos, Mwaghavul don Mangu, Berom don Barikin Ladi. Amma wannan sauƙin yana samuwa ne in mai ba da labari ke magana daga bayan fage. In kuka sa mutanen cikin zanen suna motsa baki, kowane harshe sai an sake daidaita bakin, kuɗi ya ƙaru.

Kowane kashi ya ɗauki aiki ɗaya tak da manomi zai yi da hannunsa, kuma ku rubuta shi a jimla ɗaya. Kashi na 1, zaɓen iri mai lafiya. Na 2, tuge dankalin bara da ya tsiro da kansa da binne ruɓaɓɓe. Na 3, gane tabon farko. Na 4, feshi. Na 5, ƙarin ƙasa a kunya. Na 6, yanke ganye kamar mako biyu kafin tono, don fatar dankalin ta yi ƙwari kuma kada cuta ta shafe shi. Kashin feshi ya fi kowanne haɗari. Ku rubuta cewa malamin gona zai sa hannu a kan rubutun kafin a zana, cewa awon magani shi ne na jikin fakiti, cewa mai feshin cikin zanen yana sanye da safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci. Manomi yakan kwaikwayi abin da ya gani fiye da abin da ya ji.

A wajen jadawalin lokaci ne takardu masu kyau suke faɗuwa. Ku lissafa daga baya. Ana shukar damina wajen Afrilu zuwa Mayu, don haka fim ya shiga hannun manoma kafin ƙarshen Maris. Rubutu da tantancewa mako 4, gwaji a ƙauye mako 3, zane da murya mako 3 ga kowane kashi, wato mako 18. Jimilla mako 25, ke nan a fara a farkon Oktoba. In mai dubawa zai yi mamakin mako 3 a kan minti 3, ku nuna masa lissafin: daƙiƙa 180 ne, in ana zane 12 a daƙiƙa ɗaya, hoto 2,160 ke nan. Ku kuma faɗi abin da za ku yi in kuɗi ya makara, misali a fara fitar da kashi na 1 da na 2 tun da su ake buƙata kafin shuka.

Gwajin nan na mako 3 kada ku yarda a cire shi don rage kuɗi. Ana nuna wa manoma kamar 10, maza da mata, zanen takarda ba tare da murya ba, a ce su faɗi abin da suka gani. In an zana ƙwayar cuta ta kai girman ƙwallo, wani zai ce babu irin wannan a gonarsa. Gyara a takarda aikin yini ɗaya ne, bayan an gama motsi kuwa aikin makonni ne.

Ku faɗi yadda fim zai kai ƙauye. "Za mu ɗora a intanet" bai isa ba inda data ke da tsada. Ku rubuta cewa za a matse kowane kashi ya yi sauƙin turawa ta WhatsApp da Xender, a zuba a katin memori, a kuma haska da majigi a ƙauyuka 10 ranar kasuwa ko bayan taron ƙungiya.

Na ƙarshe shi ne awon nasara. Yawan masu kallo ba ya nuna an koya. Ku ce za a tambayi manoma 60 kafin haskawa ko a wane lokaci suke fara feshi, a koma gonakinsu a Yuli a duba ganye da kunya, a sake tambayarsu. Sannan ku ajiye bayani kusa da kasafi ku bi layi layi. In bayani ya ce harshe 4 kasafi kuma ya biya mai murya 1, ko ya ambaci majigi babu kuɗin janareta da mai, mai dubawa zai ɗauka ba ku san aikin ba.

Aikin gwaji: ku zaɓi amfanin gona ɗaya na yankinku. Ku rubuta matsalarsa a jimla 4 kamar misalin sama, ku ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke nuna kuskuren da manomi zai iya gyarawa da kansa. Daga nan ku rubuta watan shuka, ku ƙirga mako 25 baya, ku kawo wa malaminku ranar da ya kamata aiki ya fara.