Yadda Ake Lissafin Siminti da Yashin Filastar Bangon Cikin Ɗaki

Sau da yawa siminti yakan ƙare ana tsakiyar filasta, mai gida ya fara zargin birkila da lebura, alhali laifin yana ga bangon da ba a auna karkacewarsa ba kafin a sayi kaya. Bari mu ɗauki ɗaki guda mai faɗin mita 3.6 da tsawon mita 3.6, wato ƙafa goma sha biyu kowane gefe, wanda tsayin bangonsa ya kai mita 3, mu bi lissafinsa daga farko.

Matakin farko shi ne gano faɗin fuskar da za a shafe. Kewayen ɗakin mita 14.4 ne, idan aka ninka shi da tsayin bango za a sami murabba'in mita 43.2. Daga nan sai a cire ƙofa mai faɗin mita 0.9 da tsayin mita 2.1, da taga mai mita 1.2 kowane gefe, abin da ya rage kuwa ya kusa murabba'in mita 40.

Mataki na biyu shi ne kauri. An saba yi wa bangon ciki filasta mai kaurin milimita 12, kusan rabin inci, don haka sai a ninka 40 da 0.012, a sami kubik mita 0.48 na kwaɓaɓɓen siminti. Wannan adadin na bangon da ya miƙe sak ne, irin wanda da wuya a gamu da shi a wurin gini, domin bulon da aka buga da hannu ba ya zuwa da girma ɗaya, linta kuma takan turo ciki waje idan katakon da aka tare kankare da shi ya buɗe. Shi ya sa masu lissafi suke ƙara kashi 20 cikin ɗari domin cike ramuka da gaɓoɓin bulo da abin da ke zubewa ƙasa, sai adadin ya koma 0.58.

A ganina, gara a auna bangon da a dogara da wannan ƙiyasin ido rufe. A ɗaure igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a matso da ita har tazarar da ke tsakaninta da wurin da ya fi turowa ta zama milimita 12, sannan a auna tazarar a wurare biyar ko fiye, a maimaita a sama da tsakiya da ƙasa. Idan aka sami 12 da 15 da 16 da 22 da 25, matsakaicinsu milimita 18 ne, kuma da shi za a yi aiki, sai a ƙara kashi 10 kacal domin abin da zai zube.

Mataki na uku shi ne mayar da lissafin zuwa busasshen kaya, domin idan aka zuba ruwa siminti yakan shige tsakanin ƙwayoyin yashi, tulin ya ragu. Saboda haka ake ninka adadin da 1.33, wato 0.58 ya zama kimanin 0.77. Idan haɗin kashi ɗaya na siminti ne da kashi shida na yashi, sai a raba gida bakwai: siminti ya tashi 0.11, yashi kuma 0.66. Buhun siminti mai kilo 50 yana ɗaukar kimanin kubik mita 0.035, ke nan ana bukatar buhu uku da ɗan ɗoriya, sai a sayi huɗu. Tunda buhu guda yana cika kwanon sarki kusan biyu, kowane buhu zai ci kwano goma sha biyu na yashi, kuma a tabbata ana share bakin kwanon, ba a tula shi ba.

Idan kuwa bangon nan ne mai matsakaicin milimita 18, lissafin zai fara daga 0.72, ya zama 0.79 bayan ƙarin, ya koma 1.05 a bushe, siminti kuma ya haura buhu huɗu, dole a tanadi biyar. A gida mai ɗakuna shida irin wannan, idan aka haɗa lissafinsu gaba ɗaya, wannan bambancin ya kai kimanin buhu bakwai.

Inda ramin ya wuce milimita 20, kada a cike shi a shafa ɗaya, domin nauyinsa zai sa ya zame ko ya tsattsage, kuma bayan ya bushe idan aka ƙwanƙwasa za a ji yana ƙara kamar ganga. A fara cike wurin, a kakkarce fuskarsa da bakin cokalin gini, a yayyafa masa ruwa, sannan washegari a bi da shafa ta biyu.