Tambaya uku ga kowane sashe na doka

'Yan'uwa, in za ku taƙaita wa ƙungiyar unguwa wata doka, ku yi wa kowane sashe tambaya uku. Wa aka ɗora wa nauyi? Haƙƙin wa aka kare? Mene ne hukuncin?

Na gwada a unguwar Nima ta Accra da Dokar Haya ta Ghana ta 1963, sashe na 25. In hayar ta wuce wata shida, an hana maigida neman kuɗin gaba fiye da na wata shida. Kariyar ta ɗan haya ce, saɓawa kuma laifi ne. Layi uku, har Hajiya mai koko ta gane.

Wajen kuɗin tara ne dabarar ke tuntuɓe. Dokar ta girmi sidi, kuɗin Ghana, wanda ya fito a 1965, don haka kada ku kwafi adadin daga tsohon bugu. Ku nemi bugun da aka yi wa gyara.