Kurakuran da Sabon Shiga ke Yi Wajen Zaɓar Sana'ar Intanet, da Yadda Ake Gyara Su

Mafi yawan masu neman sana'ar intanet suna farawa da tambayar wace sana'a ce ta fi kawo kuɗi, alhali wanda ya ɗibar wa kansa wata uku kacal kamata ya yi ya fara da sanin wanda zai biya shi. Idan mutum yana ware awa 2 a kullum, kwana 6 a mako, abin da zai tara a mako 13 shi ne awa 156. Wannan lokaci bai isa ya mayar da wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ya zama wanda kamfani zai ɗauka aiki, kuma bai isa a ƙware a tsaron intanet ko nazarin bayanai ba, duk da cewa waɗannan fannoni ne aka fi kururutawa. Amma ya isa mutum ya iya zana tallan kaya mai tsabta, ko ya yanka gajeren bidiyo ya sa masa rubutu, har wani ɗan kasuwa ya ga ya cancanci a biya shi. Gyaran wannan kuskure shi ne mutum ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen masu sana'a goma da zai iya kira ko ya je wurinsu a wannan makon, ya duba yadda suke tallata hajarsu, sannan ya zaɓi aikin da ya ga suna buƙata. Sana'ar da ya kasa samar mata sunaye goma ba ta wata uku ba ce.

Kusa da wannan akwai rikita sana'ar da ake yi wa wani aiki ya biya da harkar tara mabiya. Buɗe tasha a YouTube abu ne mai kyau, sai dai kafin a fara ba mai tasha kaso daga kuɗin tallan da ake sakawa a dogayen bidiyoyinsa, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, kuma ko bayan haka ba a tura masa kuɗin sai sun kai dala 100. Wanda ya iya yankan bidiyo da manhajar CapCut ya fi saurin ganin kuɗi idan ya yi wa malamin da ke da karatuttuka ko mai sayar da turaren wuta aiki, maimakon ya zauna jiran tasharsa ta girma. Ita kuwa harkar da ake cewa ka zuba kuɗi ka kawo mutane a ƙarƙashinka, ba koyon sana'a ba ce ko kaɗan, kuma waɗanda suka ga rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a 2025 sun san inda take ƙarewa.

Wani kuskuren shi ne zaɓar abin da kayan aikin mutum ba za su iya ɗauka ba. Mai waya kaɗai, wanda wutar lantarki ke yi masa wuya, bai kamata ya biya kuɗin kwas da ake koyarwa a kan kwamfuta ba da fatan zai sayi kwamfutar daga baya. Manhajojin zane irin su Canva da PixelLab suna aiki a wayar Android, kuma sun wadatar wajen tallan da za a ɗora a WhatsApp ko Instagram. Iyakarsu tana bayyana ne idan aiki ya kai ga maɗaba'a, domin yawancin masu buga takardu a Kano da Kaduna da manhajar kwamfuta ta CorelDRAW suke aiki, kuma launin da ke sheƙi a fuskar waya yakan dusashe a kan takarda saboda injin bugawa da tsarin CMYK yake haɗa launi. Saboda haka sabon shiga ya tsaya a kan tallan waya, ya bar kalanda da manyan allunan talla sai ya samu kwamfuta.

A ɗauki misalin matashi a Zariya da ke da waya, wanda a cikin sunaye gomansa akwai tela biyu, da mai sayar da atamfa da leshi, da mai yin cincin da dambun nama, da makarantar Islamiyya da ke shirin saukar karatu. Dukansu suna ɗora hoto a WhatsApp, hoton yana da duhu, farashi kuma babu shi ko an cusa shi a gefe. Wata na farko ya ƙare shi a kan abu ɗaya: zane mai faɗin pixel 1080 da tsawon pixel 1920, wanda shi ne ke cika fuskar waya. Ya riƙa kwaikwayon tallan da ya burge shi har hannunsa ya faɗa, ya taƙaita da salon rubutu biyu da launi uku, ya tabbata sunan kaya da farashi da lambar waya suna karantuwa ba tare da an zuƙo hoton ba. Akwai wani abin da masu koyarwa da Turanci ba sa ambata, wato salon rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai harafin ya fito da wani fasali dabam ko ya zama ɗan akwati. Ya gwada kowane salo da kalma kamar "ƙarƙo" ko "ɗinki" kafin ya yi amfani da shi, domin iya rubuta talla da Hausa daidai yana cikin abin da zai bambanta shi da sauran masu zane.

A wata na biyu ya yi wa mutum uku daga cikin goman zane ɗaya ɗaya kyauta, ya faɗa musu tun farko cewa na gaba da kuɗi ne. A nan ne da yawa suke zamewa, su ci gaba da aikin kyauta saboda kunya, musamman idan mai kayan ɗan uwa ne ko abokin yaya. A ce ya sa naira 2,000 a kan kowane zane, mutum huɗu suka riƙa karɓar biyu biyu a mako, ya samu naira 16,000 ke nan a mako kafin ya cire kuɗin data da cajin waya. Ya karɓi rabin kuɗi kafin ya fara, ya bayyana cewa gyara sau biyu ne a cikin farashin, ya tura samfuri mai tambarinsa a tsakiya, sai an cika masa ya tura na ainihi. Wanda bai gindaya waɗannan sharuɗɗa ba zai tsinci kansa yana canza launi sau bakwai a kan kuɗin zane ɗaya.

Mutane kan yi gaggawar buɗe shafi a Fiverr, dandalin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, saboda kwaɗayin dala. Dandalin yana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, yana riƙe kuɗin sabon mai sayarwa kwana 14 bayan kammala aiki, kuma masu saye sun fi karkata ga wanda ya riga ya tara shaidar yabo. Ba laifi a buɗe shafin a wata na uku, bayan an tara ayyuka na gaske da za a nuna, amma kada a ɗora lissafin samun kuɗi a kansa.

Saura batun sauya sheƙa, wanda shi ya fi cinye wata ukun mutane: mako biyu a zane, mako biyu a kasuwancin kirifto, sannan a koma rubutun talla saboda wani ya nuna hoton kuɗin da ya shigo masa. Hanyar gane ko zaɓin ne bai yi ba ko kuwa haƙuri ne ya gaza ita ce a jira ƙarshen mako na shida, a duba amsar mutum goman nan. Idan sun ce aikin bai yi kyau ba, hannu ne bai faɗa ba tukuna, sai a ƙara atisaye. Idan sun yaba amma sun ce ya yi tsada, a haɗa musu zane takwas a farashin wata guda mai rangwame. Idan kuwa sun yaba, sun karɓi na kyauta, amma babu wanda ya ɗora shi a shafinsa, to ba sa buƙatar abin, kuma a nan ne ya dace a nemi wasu masu saye, kamar makarantu masu zaman kansu da shagunan sayar da waya, kafin a yi tunanin barin sana'ar gaba ɗaya.