Kuɗin gida da ajiyarka: shawara ga sabon ma'aikacin kula da tsofaffi a Birtaniya

Kafin albashinka na farko ya shigo, an riga an yi maka lissafinsa a gida. A 2025 fam ɗaya ta yi ta yawo a kusa da naira dubu biyu, ga shi mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne tun 2024. Duk wanda ya ji abin da ake biyanka sai ya buga da dubu biyu, ya ga miliyoyi. Ba mugunta ba ce, bai taɓa biyan hayar ɗaki a Birmingham ba.

To bari mu yi lissafin da su ba za su iya yi ba. A Afrilun 2025, an mayar da mafi ƙarancin albashin mai bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya fam 25,000 a shekara. Fam 12,570 na farko ba a cire musu haraji. Abin da ya haura ana cire kashi 20 cikin ɗari, a ƙara cire kashi 8 na inshorar ƙasa, sannan kuɗin fansho. Abin da zai faɗo asusunka wajen fam 1,720 ne a wata, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. A ce ka samu ɗaki guda a gidan haɗaka kan fam 600 har da wuta da ruwa, abinci ya ci 220, bas 80, waya da sabulu da rigar sanyi 100. Fam dubu ta tafi ba ka sha ko shayi a waje ba. Saura 720, kuma a kansu ne duk rigimar take.

Ni a nawa ra'ayin, ajiya ce ta fara fita, kafin kuɗin gida. Na san maganar ba ta da daɗin ji, amma dubi irin bizar da ke hannunka. A ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. In ya sallame ka, ko hukuma ta ƙwace masa lasisi, kamar yadda ya faru da kamfanonin kula da tsofaffi da dama, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Kuma bizar ta hana ka karɓar tallafin gwamnati irin wanda 'yan ƙasa ke samu idan aiki ya tsaya. A wannan lokacin mai gidan haya ba ya jin "Allah ya ba ka haƙuri". Waɗanda kake turawa ma ba za su iya turo maka hayar wata guda ba, ko sun so. Iya ruwa fidda kai.

Saboda haka ka sa wa kanka burin tara kuɗin zaman wata uku, wato fam 3,000 a wannan misali. In kana ware 300 duk wata, wata goma ya ishe ka. Ka buɗe asusun ajiya na daban, ka sa banki ya riƙa kwashe kuɗin da kansa washegarin biyan albashi. Kuɗin da ido ke gani a asusun yau da kullum, tausayi ne ke cinye shi. Adashi yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin wannan, domin ranar da aiki ya tsaya ba lalle ne kwasarka ce ta zo ba.

A cikin 420 da suka rage, a ce 100 na biyan bashin da aka ciwo maka na tafiya, 250 na gida duk wata, 70 kuma ka riƙa tarawa a gefe. Wannan saba'in ɗin na abubuwan da muke kira "ba zata" ne alhali duk shekara sai sun zo: kayan azumi, ragon layya, taki a farkon damina, kuɗin makaranta a Satumba, da zazzaɓin da ke kwantar da yara idan ruwa ya sauka. A shekara ya kai fam 840. In ya ƙare, ya ƙare.

Turawar farko ita ke yanka farashi. Na yi wannan kuskuren da kaina. Watan da na fara karɓar albashi, murna ta sa na tura kusan rabinsa, na raba wa mutum tara. Wata na biyu da na rage, sai aka fara tambayar ko an yi mini laifi ne. Da na fara da kaɗan na ɗore a kai, da ba wanda zai ji an rage masa komai. Kada kuma ka gina alkawari a kan kuɗin ƙarin awanni. Watan da aka rage maka aiki, alkawarin yana nan yana jiranka. Ka ƙayyade rabon gida da fam, tunda da fam kake biyan haya.

Sai maganar da ta fi wuya, wato faɗa musu. Ka kira wanda ke riƙe da gidan, ko mahaifi ko mahaifiya ko babban wa, ka buɗe masa lissafin kamar yadda yake. Ba sai kowa ya san albashinka ba, amma mutum ɗaya mai faɗa a ji ya kamata ya san nawa haya ke ci. Ka ce: "Baba, ga abin da zan iya duk ranar 28 ga wata, in sha Allahu ba fashi. Duk mai buƙata ya zo wajenka." Daga nan ƙofa ta zama ɗaya. Idan kawu ya kira ka kai tsaye, ka gaishe shi sosai, ka tambayi iyali, sannan ka ce: "Kawu, rabon wannan watan ya riga ya tafi hannun Baba, a yi masa magana." Ba ka ce a'a ba, ba ka kuma yi ƙarya ba. Abin da ke ɓata zumunci shi ne "zan duba" da ba a dubawa, sai kuma ƙin ɗaga waya. Ka riƙa kira a ranakun da ba maganar kuɗi, don kada muryarka ta zama ta alat kawai.

Iyaye daban suke. Abincinsu da maganinsu hakki ne a kanka, su ne farko a cikin 250 ɗin. Jarin da ƙanenka ke so na shagon cajin waya kuwa yana iya jira. In ɗan'uwa ya nemi rancen naira dubu 500, ka san da wuya su dawo, kuma neman su ne zai haɗa ku faɗa. Gara ka ce: "Yaya, rance ba zan iya ba, amma ga dubu 80 kyauta, a ƙara a nema." Kuɗin asibiti ko na makaranta kuma, a turo maka lambar asusun wurin ka biya kai tsaye, ka ce don a rage wa mutane wahalar kai da kawo ne.

Akwai alamar da ke nuna ka wuce gona da iri: ka fara cin bashin banki don ka tura gida. Manyan bankuna da dama a nan suna ɗora ruwan da ya kusa kashi 40 cikin ɗari a shekara idan ka ci fiye da abin da ke asusunka, ban da nauyin riba a addini. In ka ga wata biyu a jere ka taɓa ajiya ba tare da an kwantar da wani a asibiti ba, ka sake kiran Baba ku rage rabon da fam 50 har ajiyar ta koma yadda take.