Babi na Shida: Yadda Ake Raba Doguwar Wasiƙar Talla

Darasi na ɗaya: Nemo abin da mai saye yake tambaya

Iyayena da 'yan'uwana, ku tanadi fensir, rula da farar takarda guda biyu. Kada a ɗauko biro yau, domin za a yi goge-goge da yawa.

Wani tela daga cikin ɗalibanmu na Aboabo ya rubuta wa shugaban wata makaranta wasiƙa, yana neman aikin ɗinka kayan 'yan makaranta. Wasiƙar ta cika shafi biyu, babu wurin shan iska, baƙi na bin baƙi kamar cunkoson kasuwar Kejetia. Ga wani yanki nata:

"Mun shekara 12 muna ɗinki kuma muna ɗinka riga da wando na maza sidi 90 muna gamawa cikin mako uku kuma aikinmu ba ya warwarewa sannan akwai rigar 'yan mata sidi 100 ana ba da rabin kuɗi kafin a fara muna ɗinka hijabi sidi 35 idan kayan sun kai guda 50 muna rage sidi 5 a kowanne kuma za a iya biya ta momo mu ne za mu zo mu gwada yaran."

Duk abin da ya faɗa yana da amfani. Amma shugaban makaranta ba zai zauna ya karanta wannan daga farko har ƙarshe ba. Idonsa zai yi ta yawo a kan takardar yana neman amsar tambayoyi huɗu. Ku rubuta su a saman takardarku ta farko, kowace da lambarta:

1. Me kake da shi?
2. Nawa ne?
3. Yaushe zan samu?
4. Yaya zan biya?

Darasi na biyu: Sa lamba kafin ka raba

Nan ne ake yawan tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada wanda ya ji kunya idan bai gane a karon farko ba.

Ɗora yatsanka a kan kalmar farko. Karanta a bayyane, a hankali. Da zarar magana ɗaya ta ƙare, tsaya, ka ja ɗan gajeren layi a tsaye da fensir. Sai ka tambayi kanka: wannan maganar, wace tambaya ta amsa? Rubuta lambar tambayar a samanta. Daga nan ne za ka matsa gaba.

Mu gwada tare. "Ana ba da rabin kuɗi kafin a fara." Wannan maganar biya ce, lamba 4. "Muna gamawa cikin mako uku." Maganar lokaci ce, lamba 3. "Mu ne za mu zo mu gwada yaran." Wannan tana cikin aikin da telan zai yi, to lamba 1. Kun gani? Tsaya, ja layi, tambaya, sa lamba.

Yanzu ga mai wuyar. "Muna ɗinka riga da wando na maza sidi 90 muna gamawa cikin mako uku." A baki numfashi ɗaya ne, amma magana uku ce a ciki: kaya, kuɗi da lokaci. Dole a ja layi a tsakaninsu, kowace ta sami lambarta. Kalmomin nan "kuma" da "sannan" su ne alamarku. Duk inda kuka gan su, ku tsaya ku duba, sau da yawa sabuwar magana ce ta shigo.

Akwai abin da nake gani a kowane aji. Mutum zai ɗauki rula ya ƙirga layi biyar ya yanke, ya sake ƙirga biyar ya yanke, ya ce ya raba wasiƙa. Wannan ba rabawa ba ce. Mai sayar da hatsi ba ya zuba gero da wake da shinkafa a buhu ɗaya sannan ya kasa su kwano-kwano. Kowane iri da buhunsa. Idan ka yanke da ƙirgar layi, kuɗin hijabi zai faɗa wani sashe, kuɗin wando ya faɗa wani, mai saye ya ci gaba da lalube. Haba jama'a, na faɗi wannan a allo, na faɗa a gefen teburin kowa, amma har yanzu ana kawo mini takarda babu lamba ko ɗaya a kanta. Wanda bai sa lamba ba kada ya wuce zuwa darasi na uku. Koma farko: tsaya, ja layi, tambaya, sa lamba.

Maganar da ba ta amsa ko ɗaya daga cikin huɗun ba, kamar "mun shekara 12 muna ɗinki", zagaye ta da fensir. Za ta zauna a sama tare da sallama da gaisuwa. Ba a yar da gaisuwa, amma layi biyu ko uku sun isa.

Darasi na uku: Kan magana

Ɗauko takarda ta biyu. Kwashe duk masu lamba 1 ka rubuta su wuri guda. Bar layi ɗaya babu rubutu. Sai masu lamba 2, haka har zuwa 4. Idan ka ga ka rasa abin kwashewa, to ba ka sa lamba ba ne.

Kowane sashe yana buƙatar kan magana, wato gajeren suna da ake rubutawa shi kaɗai a layinsa, a ja masa layi a ƙasa. Kada ya wuce kalma biyar. "Bayani" ko "Ƙarin bayani" ba su gaya wa kowa komai ba. Rubuta abin da ke cikin sashen: "Kuɗin ɗinki", "Muna gamawa cikin mako uku", "Yadda ake biya".

Darasi na huɗu: Jeri

Abubuwa iri ɗaya, daga uku zuwa biyar, su ake jerawa, kowanne a layinsa. Ga sashen kuɗi na telan:

Kuɗin ɗinki
Riga da wando na maza: sidi 90
Rigar 'yan mata: sidi 100
Hijabi: sidi 35
Idan kayan sun kai guda 50, muna rage sidi 5 a kowanne.

Ku lura, suna ne a farko, kuɗi a ƙarshe, a kowane layi. Sharaɗin ragi kuma yana manne da kuɗin. In ka kai shi wani sashe, mai saye zai ga ragin bai ga sharaɗin ba, ranar biya a yi ta musu. Magana mai dalili, wadda ke da "domin" ko "saboda" a ciki, a bar ta a jimlarta, kada a jera ta.

Darasi na biyar: Gwaji

Miƙa wa na kusa da kai takardar, ka ƙirga goma, ka karɓe. Tambaye shi kuɗin hijabi. In bai sani ba, duba lambobinka.

Aikin gida: kowa ya zo da wasiƙar sana'arsa, da lambobi a kanta da fensir.