Yadda ake rubuta layi biyu na farko a ƙarƙashin bidiyon YouTube

YouTube yana ba ka fili har na harafi 5,000 a akwatin bayanin bidiyo, amma abin da mai kallo zai gani ba tare da ya taɓa komai ba bai wuce layi biyu ko uku ba. Daga nan sai rubutun ya yanke, a sa masa "...more", wanda a da ake rubuta shi "Show more". Duk abin da ya faɗa ƙasan wannan yankan, sai wanda ya ga dama ya danna zai karanta shi. Saboda haka aikin duka a kan harafi ɗari zuwa ɗari da hamsin na farko yake, kuma su ne mu masu tashoshin Hausa muka fi ɓarnatarwa da gaisuwa.

Kafin ka taɓa rubutun, ka san inda ake ganinsa, domin ba ko'ina yake fitowa ba. A shafin farko na YouTube da jerin bidiyoyin da ake jero wa mutum a gefe, hoton bango da take da sunan tasha ake nunawa, bayanin ba ya fitowa sam. Can komai kyan layinka ba zai ƙara maka mai kallo ko ɗaya ba. Wurare biyu ne yake aiki. Na farko sakamakon bincike, musamman a kwamfuta, inda ake yanko ɗan guntun bayanin a sa ƙarƙashin sunan tasha, haka ma Google yakan yi. A nan layin yana taimaka wa mutum ya zaɓi bidiyonka cikin goma masu take iri ɗaya. Na biyu shafin kallon bidiyon kansa, inda mutum ya riga ya shigo, abin da ya rage shi ne ko zai danna adireshin da ka ajiye masa. Dannawa iri biyu ke nan, kuma kowane layi ɗaya zai ɗauka: na farko na mai bincike ne, na biyu na wanda ya gama kallo yana neman inda zai same ka.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce mai gyaran waya ne ya ɗauki bidiyon minti takwas kan wayar da ta ƙi caji, ya sa masa take "Wayarka ta daina caji? Gwada wannan kafin ka biya kuɗin gyara". Ga abin da yawanci za ka tarar a saman bayaninsa:

```
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa a wannan tasha tamu mai albarka.
```

Ƙirga shi da kanka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi: harafi 109 ne. Wato kusan duk filin ya tafi, kuma ba a ambaci waya ba, ba a ambaci caji ba. Mutumin da wayarsa ke kashi uku cikin ɗari, ya ari ta ƙaninsa yana bincike cikin gaggawa, bai sami komai a nan da zai nuna masa cewa amsarsa tana cikin wannan bidiyon ba. Sallama ba laifi ba ce, ni ma ina yin ta, amma wurinta bakinka ne a farkon bidiyon, ko kuma layi na huɗu a rubuce.

Mataki na farko shi ne gano kalmomin da mutane ke rubutawa da hannunsu. Buɗe akwatin binciken YouTube ka fara rubuta "waya ba ta", ka tsaya ka ga abin da zai ƙarasa maka. Sake gwadawa da "yadda ake gyara". Waɗannan ƙarashe-ƙarashen daga binciken mutane suke fitowa, shi ya sa suka fi abin da kai kake zato daraja. Ka lura da abu ɗaya da ya shafe mu: mutane da yawa ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya, sai su sa k a wurin ƙ, d a wurin ɗ. Idan babbar kalmarka tana da irin wannan harafi, bincika ta duka hanyoyin biyu ka ga ko sakamakon ya bambanta. A misalinmu an huta, domin "waya" da "caji" ba su da lanƙwasa.

Mataki na biyu, rubuta layin farko, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Sa matsalar a kalmomi huɗu ko biyar na farko, saboda ba ka san daidai inda za a yanke ba. Faɗin allo ne da girman rubutun da mutum ya saita suke yanke hukunci, abin da ya cika layi ɗaya a kwamfuta yana iya zama layi uku a ƙaramar waya. Bayan matsalar sai ka faɗi abin da taken bai faɗa ba. Kwafe take a liƙa shi a bayani asara ce, tun da mai bincike yana ganin su biyun tare, ɗaya a kan ɗaya. Taken mai gyaranmu ya yi alkawari amma bai ce me za a gwada ba, to layin farko shi zai cika wannan gurbin:

```
Waya ba ta caji? Ga yadda ake gane ko ramin caji ne ya toshe, ko kebul ne, ko batir, kafin a kai wa mai gyara.
```

Wannan harafi 110 ne, kusan tsawon waccan gaisuwar. Amma dubi abin da ya ɗauko. An faɗi matsalar da wata siga daban da ta take, don haka wanda ya rubuta "ba ta caji" da wanda ya rubuta "ta daina caji" duk an tare su. An lissafa abubuwa uku da za a duba, mai karatu ya san ba surutu zai je ji ba. Ko da an yanke layin a harafi na sittin, ya riga ya ga "Waya ba ta caji" da "ramin caji ne ya toshe", kuma wannan kaɗai ya isa. Gwajin da nake yi ke nan kullum: in rufe rabin layin na ƙarshe da yatsa, in ga ko abin da ya rage yana da ma'ana shi kaɗai.

Kada ka yi alkawarin da bidiyon bai cika ba. Idan ka ambaci batir a layin farko alhali ba ka taɓo maganarsa ba a minti takwas ɗin, mutum zai shigo ya fice da wuri, kuma gajeren kallo ba ya taimakon bidiyo. Haka nan jera kalmomin bincike barkatai, irin "waya caji gyara waya Kano caji batir", ba ya karantuwa, kuma dokokin YouTube sun hana cusa tarin kalmomi a bayani don yaudarar bincike.

Mataki na uku, layi na biyu: adireshi ɗaya tak, da 'yan kalmomi a gabansa da ke faɗin abin da za a samu idan an danna. Adireshi tsirara ba ya jan kowa. Ga mai gyaranmu, wanda cinikinsa a WhatsApp yake:

```
Tambaya ko gyara: https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Caji
```

Ana rubuta lambar da lambar ƙasa a gaba, a cire sifirin farko, ba alamar tarawa, ba tazara. Kada ka yar da `https://` ɗin. Wancan `?text=Caji` na ƙarshe kuwa yana sa kalmar "Caji" ta bayyana a akwatin saƙon duk wanda ya danna, kuma amfaninsa zai fito nan gaba kaɗan. Adiresoshin sauran shafukanka, jerin lokutan bidiyo da ke farawa da 0:00, alamomin # da roƙon a bi tasha, duk su sauka ƙasa. Idan adireshin ya fito baƙi ba ya dannuwa, duba YouTube Studio a Settings, Channel, Feature eligibility, domin sai tasha ta sami izinin Advanced features adireshin waje yake dannuwa a bayani. A gajerun bidiyoyin Shorts kuwa, tun 2023 adireshin da ke cikin bayani ba ya dannuwa ko kaɗan, don haka wannan dabarar ta dogayen bidiyo ce.

Akwai tarko biyu da ke cinye layukan ba tare da ka sani ba. Ɗaya shi ne layin da ba komai a cikinsa: idan ka danna Enter sau biyu tsakanin layin farko da na biyu don ya yi kyau, wannan fankon ma layi ne, yana iya tura adireshinka ƙasan yankan. Ɗayan kuma Upload defaults ne a cikin Settings, wato rubutun da ake ajiyewa don ya riƙa shiga bayanin sabon bidiyo da kansa. Mutane da yawa sun taɓa zuba gaisuwa da adiresoshi a can tun ranar buɗe tasha suka manta, sai kowane sabon bidiyon da aka ɗora ta kwamfuta ya zo da su a sama. Idan kana amfani da shi, fara shi da wata alama kamar "RUBUTA LAYI BIYU A NAN", don kada ka wallafa ba ka cike ba.

Mataki na huɗu, duba da idonka. Ajiye bidiyon a Unlisted, buɗe shi a kwamfuta da kuma waya, ka ga inda aka yanke. A manhajar waya abin da ke fitowa kafin a taɓa ya fi ƙanƙanta, sau da yawa sai an taɓa wajen take bayanin yake buɗewa. Idan yawancin masu kallonka da waya suke, to ka faɗa da baki a cikin bidiyon cewa lambar tana saman bayani, ka kuma maƙala ta a sharhin farko. Guntun da ke fitowa a bincike sai bayan ka mai da bidiyon Public za ka gan shi, kuma wani lokaci za a yanko wani sashen bayanin da ya fi dacewa da abin da aka rubuta, ba farkon ba.

Saura awo. Zaɓi tsohon bidiyo da bincike ke kawo masa mutane, ka canza layi biyun kawai, kada ka taɓa take ko hoton bango, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba. A Analytics, ƙarƙashin Reach, akwai Impressions click-through rate, wato kashi nawa cikin waɗanda aka nuna wa bidiyon suka danna. Jimillar ba za ta gaya maka komai ba, tun da ta haɗa da shafin farko inda ba a ganin bayani. Shiga Advanced mode ka ware layin YouTube search, ka kwatanta kwana 28 kafin canji da kwana 28 bayansa. A ce an nuna bidiyon sau 2,000 a bincike aka danna sau 80, kashi 4 ke nan. Idan bayan canji an danna sau 100 a nuni 2,000, ya zama kashi 5. Amma idan nunin bai wuce ɗari biyu ba, mutum biyu kacal sun isa su motsa lissafin da kashi ɗaya, sai ka ƙara haƙuri lambobin su taru.

Dannawar adireshi kuwa Studio ba ya ƙirga maka ita, a nan ne `?text=` yake biyan kuɗinsa. Ba wa kowane bidiyo kalmarsa, na caji "Caji", na fasasshen gilashi "Gilashi". A ƙarshen wata mai gyaranmu sai ya rubuta kalmar a akwatin binciken WhatsApp, ya ƙirga saƙonnin da suka fara da ita. Wasu za su goge kalmar kafin su aiko, don haka abin da ya ƙirga zai ɗan gaza ainihin adadin waɗanda suka danna.